Matakan Ruruwar Rikici da Ƙofofin Sassauta Shi: Nazari a kan Zangon Kataf, 1992

Gabatarwa

Tsakanin ranar Alhamis 6 ga Fabrairun 1992 da ranar Juma'a 15 ga Mayun wannan shekara akwai kwana 99. A ranar farko aka yi artabu a Zangon Kataf, a kudancin Jihar Kaduna, a kan batun sauya wa kasuwa matsuguni, aka rasa rayuka masu yawa. A rana ta biyu faɗan ya dawo da ƙarfin da ya ninka na farko, garin Zango ya zama kufai, wutar kuma ta tsallaka har Kaduna da Zariya. Wannan maƙala ta auna abin da ya faru da ma'aunin masana ilimin rikici na zamani, musamman matakan nan tara na Friedrich Glasl da ra'ayin William Zartman game da lokacin da rikici ke nuna. Abin da take son tabbatarwa shi ne kowane mataki na rikici yana da maganin da ya dace da shi, kuma maganin da ke da amfani a wani mataki yakan zama banza, wani lokaci ma guba, idan aka kawo shi bayan rikicin ya riga ya gangara zuwa na gaba. Ba manufarta ba ce ta yanke hukunci kan wanda ya fi laifi a tsakanin al'ummomin biyu.

Tsanin Glasl

Glasl masani ne ɗan ƙasar Austiriya, kuma ya shimfiɗa matakansa a littafinsa kan sarrafa rikici wanda ya fito da Jamusanci a 1980. Abin lura na farko shi ne bai zana rikici a matsayin hawa ba, a matsayin gangara ya zana shi. Masu jayayya suna sauka ne daga mataki zuwa na ƙarƙashinsa, saukar tana da sauƙi, komawa sama kuwa sai da wahala. A bakin kowane mataki akwai wata iyaka da ɓangarorin ke jin nauyin ƙetarewa, amma da zarar ɗaya ya ƙetare ta, abin da jiya ake ganin abin kunya ne sai ya zama halal a idon kowa.

Ya kasa matakan gida uku. A ukun farko har yanzu ana iya rabuwa kowa ya samu biyan buƙata. Ana farawa da tsaurin ra'ayi, inda kowa ya kafe a kan matsayinsa. Daga nan sai muhawara da cacar baki, inda burin mai magana ya tashi daga fahimtar da abokinsa ya koma kayar da shi. Na uku shi ne lokacin da wani ɓangare ya yanke ƙauna daga magana, ya zartar da abin da yake so a aikace, ya bar ɗayan ya wayi gari ya tarar an riga an yi.

A ukun tsakiya kowa ya ƙudurta cewa nasararsa ita ce faɗuwar abokin hamayyarsa. A mataki na huɗu abin da ake jayayya a kansa yakan dushe, sai siffar abokin gaba ta maye gurbinsa: “ai su haka suke”. A nan ne kuma ake neman magoya baya daga waje. Na biyar shi ne zubar da mutunci a bainar jama'a, inda ake fassara duk tarihin zaman tare da sabuwar fassara, har alherin da aka taɓa yi a baya ya zama yaudara. Na shida shi ne barazana da gindaya wa'adi, kuma mai barazana yakan ɗaure kansa da kansa, domin idan bai cika ba za a raina shi.

A ukun ƙarshe ba mai riba. Ana fara kai hare-hare masu iyaka, inda asarar abokin gaba ta zama ita ce ribar, ko da mai harin ma ya yi asara. Sai yunƙurin tarwatsa abokin gaba ta hanyar rushe abin da rayuwarsa ta dogara a kai. Na tara shi ne a faɗa rami tare, mutum ya yarda ya halaka muddin abokin gabarsa zai halaka.

Amfanin tsarin ya fi bayyana a abin da Glasl ya jingina wa kowane mataki na shiga tsakani. A matakan farko mai daidaita zama ya isa, domin ɓangarorin suna iya warware matsalarsu da kansu. A tsakiya ana buƙatar mai sulhu da zai yi aiki a kan zukata da rashin yarda kafin a taɓa asalin abin da ake jayayya a kai. Daga na shida zuwa na takwas sai mai raba gardama wanda hukuncinsa ke da tilas. Daga na bakwai zuwa ƙasa kuwa, dole hukuma mai ƙarfi ta raba su tukuna. Gwargwadon zurfin gangarar, gwargwadon yadda iko ke fita daga hannun masu rikicin ya koma hannun na uku.

Kasuwar da ba kasuwa kaɗai ba

Zango, kamar yadda sunansa ya nuna, masaukin fatake ne tun asali. Hausawa Musulmi suka zauna a cikinsa, ƙauyukan da ke kewaye da shi kuma na al'ummar da Hausawa ke kira Katafawa ne, su kuwa suna kiran kansu Atyap, mafi yawansu Kiristoci a yau. Yankin ya kasance ƙarƙashin masarautar Zazzau, Turawan mulkin mallaka kuma suka ƙarfafa wannan tsari, hakimi yana zaune a Zango yana mulkin gundumar da sunan Zariya. Koken Atyap a kan sarauta da gonakin da ke kewaye da garin ya girmi samun 'yancin kai. Hausawan Zango a nasu ɓangaren suna cewa kakanninsu sun daɗe a wurin, ba su da wani gida da ya wuce shi, kuma kiransu baƙi zalunci ne.

Bayan an cire ƙaramar hukumar Zangon Kataf daga Kaciya, hedikwatarta a Zonkwa, ƙuri'a ta ba masu rinjayen adadi damar da ba su da ita a tsarin sarauta. A farkon 1992 majalisar ƙaramar hukumar, ƙarƙashin shugaba ɗan Atyap, ta zartar da mayar da kasuwar Zango wani sabon fili. Hujjar masu goyon baya ita ce tsohuwar kasuwa ta matse, rumfunanta suna hannun Hausawa, kuma ba a barin a sayar da wasu kayan da Atyap ke ci da sha, kamar naman alade da burkutu. Hujjar masu adawa ita ce ba a shirya sabon filin ba, kuma manufar ita ce karya tattalin arzikin mutanen garin. Wani daga cikin 'yan kasuwar Zango ya garzaya kotu ya samo umarnin dakatarwa. Ranar da aka tsayar domin fara cin sabuwar kasuwa ta zo, umarnin majalisa da na kotu suka yi karo a fili, aka zubar da jini.

Wanda ya dubi batun kasuwar shi kaɗai zai ce wannan mataki na uku ne tsantsa. Majalisa ta zartar a aikace, ɗaya ɓangaren ya mayar da martani da takardar kotu, kowa ya daina yi wa ɗan'uwansa magana ya koma yi masa aiki. Kuma da kasuwar ce kaɗai matsalar, da maganinta bai fi ƙarfin zaman dattawa ba: a ɗage ranar, a kammala sabon filin, a raba rumfuna bisa ƙa'idar da aka yarda da ita, ko a bar kasuwannin biyu su ci tare na wani lokaci. To amma al'ummomin biyu ba a mataki na uku suke ba. Sun daɗe a na huɗu. Rikicin Kafancan na Maris 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar, ya riga ya koya wa mutanen yankin karanta kowace jayayya da harshen addini. Kowane ɓangare yana riƙe da hoton ɗayan a zuciyarsa, wannan na ganin danniya ta tsawon zamani, wancan na ganin shirin korarsa daga gidan ubansa.

Wannan shi ne darasi na farko da tsarin ke bayarwa idan aka ɗora shi a kan maƙwabta. Matakin rikici ba a gane shi daga girman abin da ake jayayya a kai, daga yadda ɓangarorin ke magana a kan juna ake gane shi. Muddin ana cewa “filin ya yi nisa” ko “rumfunan sun yi kaɗan”, ana saman tsani. Idan aka koma cewa “ba za su taɓa barinmu mu ci gaba ba” ko “so suke su ga bayanmu”, to an sauka, ko da maganar a kan rumfa ɗaya ce. Dean Pruitt da Jeffrey Rubin, a littafinsu na 1986, sun siffanta wannan sauyi da cewa batu yakan tashi daga keɓantacce ya zama gama-gari, masu hannu a ciki su tashi daga kaɗan su zama da yawa, buri kuma ya tashi daga neman biyan buƙata zuwa neman nasara, daga nan zuwa neman cutarwa.

Kwana casa'in da tara

Bayan faɗan Fabrairu gwamnatin jihar, ƙarƙashin Gwamna Dabo Lere, ta kafa hukumar bincike da Mai Shari'a Rahila Cudjoe ta shugabanta. Kafa hukumar bincike ba kuskure ba ne a kan kansa. Tambayar ita ce ko shi ne abin da matakin ke nema. Jini ya riga ya zuba, wato an taɓa mataki na bakwai, sannan aka ja da baya aka tsaya a na biyar da na shida. A irin wannan hali zauren bincike yakan zama dandalin da kowane ɓangare zai tsaya a gaban jama'a ya karanto laifukan ɗayan tun daga kakanni, wanda kuwa shi ne ainihin aikin mataki na biyar. Atyap sun nuna rashin amincewa da yadda aka haɗa hukumar, suna ganin ta karkata. Mai shiga tsakanin da ɗaya ɓangare bai yarda da shi ba ya zama, a idon wannan ɓangare, ƙarin mayaƙi a sahun abokan gaba.

Akwai kuma abin da littattafan da aka rubuta a Turai ba su cika lura da shi ba, wato kalandar noma. A kudancin Kaduna ruwa yakan sauka tun daga Afrilu. Jayayyar gona tana iya kwanciya duk tsawon rani, amma idan damina ta faɗi dole wani ya ɗauki fartanya ya shiga filin, shigarsa kuwa da'awar mallaka ce. Saboda haka rikicin yana da wa'adin da ba wanda ya gindaya shi, sama ce ta gindaya. A makonnin da suka gabaci 15 ga Mayu maganar ta tashi daga kasuwa ta koma gonakin da ke kewaye da Zango, aka yi ta samun koke da gargaɗi, sannan rahotannin tumɓuke shuka a gonaki. Tumɓuke shuka ba ya ƙara wa mai yinsa ko ƙwaya ɗaya a rumbu. Amfaninsa kawai shi ne asarar wani, wannan kuwa ita ce alamar da Glasl ya ba mataki na bakwai.

Ƙofar sassauci mafi faɗi tana cikin waɗannan makonni, kuma ana iya faɗin abin da take buƙata dalla-dalla. Tana buƙatar jami'an tsaro masu yawa da ba 'yan kowane ɓangare ba, waɗanda za su zauna har damina ta yi nisa. Tana buƙatar hukunci na wucin gadi a kan gonakin, misali kowa ya noma inda ya noma bara, tare da bayyana cewa wannan ba ya tabbatar wa kowa mallaka kuma ba ya soke da'awar kowa. Irin wannan sharaɗi shi ke ba shugaba damar komawa wurin mutanensa ba tare da an ce ya sayar da su ba, domin a mataki na biyar tsoron zubewar mutunci ya fi tsoron asarar dukiya. Tana kuma buƙatar ganawa ta sirri tsakanin mutane kaɗan da ake jin maganarsu. Azumin Ramadan na 1412 ya faɗo a Maris na wannan shekara, Ista kuma ta zo ranar 19 ga Afrilu, wato al'ummomin biyu duk sun taru a gaban malamansu a cikin wannan tazara fiye da kowane lokaci na shekara. Dama ce babba ga mumbari, ga wanda ya san cewa agogo na tafiya.

Abin da ya faru daga 15 ga Mayu mataki na takwas ne ba tare da wata tantama ba. Ba a tsaya kan gona ko rumfa ba, garin kansa aka rushe, aka kashe ɗaruruwan mutane, mafi yawan waɗanda suka mutu a Zango Hausawa ne, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira. Da labari da gawawwaki suka isa Kaduna, sai ramuwa ta faɗa kan Kiristocin da da yawansu ba Atyap ba ne, ba su kuma taɓa taka Zango ba, aka ƙona majami'u da masallatai da gidaje. Ƙawancen da aka ƙulla a mataki na huɗu shi ya biya wannan farashi. Wanda ya kira dukan masu addininsa su shigo rigimarsa ya mayar da dukan masu ɗaya addinin abokan gaba. Shari'a ba ta san wannan lissafi ba, domin ƙa'idar da ke cikin aya ta 164 ta Suratul An'am ita ce ba a ɗora wa rai nauyin laifin wani.

Nunar rikici da iyakarta

Zartman, a littafinsa na 1985 kan rikice-rikicen Afirka, ya yi bayanin cewa ɓangarori ba sa karɓar sulhu sai rikicin ya nuna kamar ɗan itace. Nunar tana da sharaɗi biyu: kowane ɓangare ya ji cewa ya makale a halin da ke cutar da shi kuma ba zai iya yin nasara ba, sannan ya hango wata mafita. Ɗalibin Sira ba zai ji wannan baƙon abu ba. Buhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, bayanin da ke nuna cewa yaƙin Bu'as tsakanin Ausu da Khazraj ya zama share fage ga zuwan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin ya iso Madina manyansu sun mutu, kansu ya rarrabu. Gajiya ta samu, mafita kuma ta zo.

A Zangon Kataf faɗan Fabrairu bai kawo wannan gajiya ba, kowane ɓangare ya fito daga cikinsa yana ganin akwai sauran lissafi. Bayan Mayu kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta zaɓi hanyar kotun musamman. Kotun Mai Shari'a Benedict Okadigbo ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya da wasu 'yan Atyap hukuncin kisa a farkon 1993, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba, daga baya aka sassauta shi zuwa ɗauri. Atyap suka ɗauki shari'ar a matsayin ta ɓangare ɗaya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ma ta same ta da saɓa ƙa'idojin shari'ar adalci. Hausawa kuma suka ɗauki sassaucin a matsayin zubar da jinin 'yan'uwansu a banza. Hukunci guda ya bar kowa da sabon rauni. Sai a zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa aka taɓa tushen koken sarauta, bayan aikin kwamitin sulhu, inda aka ba Atyap masarautarsu a 1995. Abin da ake iya tattaunawa a kansa tun ana saman tsani, sai da aka kai ƙasansa aka bayar, maganar gonaki kuwa ta ci gaba da tayar da hankali a shekarun da suka biyo baya.

Ra'ayin Zartman yana da haɗari idan aka fahimce shi a matsayin izinin jira. Siffanta lokacin da mutane ke karɓar sulhu daban, barinsu su kashe juna har su gaji daban. Tsarin aya ta 9 ta Suratul Hujurat ya fi kusa da na Glasl a nan: umarni da sulhu da farko, idan ɗaya ɓangare ya yi zalunci a tsayar da shi da ƙarfi, idan ya dawo a koma ga sulhu, kuma a wannan karo na biyu ne ayar ta ambaci adalci a fili. Ƙarfi a cikinta hanya ce ta komawa teburin sulhu, ba ya maye gurbinsa. Ayoyin da ke kewaye da ita kuma suna magana ne a kan abin da ke faruwa a tsakiyar tsani: ta 6 a kan tantance labari kafin aiki da shi, ta 11 a kan izgili da jifa da munanan laƙabi, ta 12 a kan zato da bin diddigi da gulma. Wajibi ne a faɗi cewa aya ta 9 tana magana ne a kan ɓangarori biyu na muminai, don haka ba a ɗora hukuncinta kai tsaye a kan rikicin Musulmi da maƙwabtansu Kiristoci. Abin da ke hukunta wannan shi ne aya ta 8 ta Suratul Ma'ida, wadda ta hana ƙiyayya ta kai ga barin adalci, da ta 8 ta Suratul Mumtahana, da ta 61 ta Suratul Anfal a kan karkata ga zaman lafiya. Amma jerin matakan da ke cikin Hujurat hikima ce da mai mulkin al'umma mai addinai daban-daban zai iya aiki da ita.

Shi ma tsarin Glasl yana da nasa gibin. An gina shi ne a kan rikicin ma'aikatu da ƙungiyoyi, inda ɓangarorin mutane ne ƙididdigaggu. Al'umma kuwa ba ta sauka tsani a tare. Ana iya samun dattawa a mataki na biyu suna muhawara, matasa a na bakwai suna wasa makami, 'yan siyasa a birni a na huɗu suna tara magoya baya, mata kuma suna ci gaba da ciniki da juna a bakin hanya. Mai sulhun da ya zauna da dattawa kaɗai zai koma da rahoton cewa ƙura ta lafa. Haka nan matakan ba sa bin juna a jere kamar yadda zane ke nunawa. Zangon Kataf ta yi tsalle daga jayayyar rumfa zuwa kisa cikin yini guda, domin an riga an taka matakan tsakiya shekaru da dama kafin a ambaci kasuwa. Tsarin bai kuma ware wa na uku gurbin zama ɓangare ba, alhali a wannan rikici ƙaramar hukuma da masarauta da gwamnatin jiha da ta tarayya duk akwai wanda ke kallon kowaccensu a matsayin mai goyon bayan abokin gabarsa. Wanda zai yi aiki da tsanin a tsakanin maƙwabta sai ya auna kowane rukuni na al'umma daban, ya duba kalandar noma da ta zaɓe, sannan kafin ya gayyaci kowa zama ya binciki ko ɓangarorin biyu sun yarda da shi kansa.